Juyin da ya halatta a mita 75 ya haramta a mita 100

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ɗan shekara 14 ya shiga gasar ninƙaya a nan Kaduna, tseren mita 200 na gauraye, a kwami mai tsawon mita 25. Shi ya fara taɓa bango, amma da aka manna sakamako sai muka ga DQ a gaban sunansa, wato an cire shi. Kocinsu ya ce a juyi ne, wajen fita daga iyon rigingine zuwa iyon kwaɗo. Ni da idona na ga ya taɓa bango, kuma irin juyin da ya yi a ɗaya gefen ne, ba wanda ya ce uffan. A ranar an kuma cire wani yaro da bai ma riga kowa faɗawa ruwa ba. Don Allah mene ne ainihin ƙa'idar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Idonka bai yaudare ka ba, kocin ma gaskiya ya faɗa maka. Bango biyun nan da ka kwatanta kowanne da hukuncinsa, ko da yake mai kallo daga gefe ba zai ga bambanci ba. Na farkon juyi ne a tsakiyar iyon rigingine. Na biyun kuwa ƙarshen iyon rigingine ne, kuma ana hukunta shi kamar a nan tseren ya ƙare.

Gasar ninƙaya tana bin ƙa'idojin hukumar World Aquatics, wadda aka sani da FINA har zuwa ƙarshen 2022. Salon iyo huɗu ne a gasa. A takardar sakamako za ka ga an rubuta Butterfly, Backstroke, Breaststroke da Freestyle, wato batafilai, iyon rigingine, iyon kwaɗo da firistayil, kuma da wannan jerin ake yin su a tseren gauraye na mutum ɗaya. Kowane salo ƙa'ida ta faɗi yadda jiki zai kwanta a ruwa, yadda hannu da ƙafa za su yi aiki, da yadda za a taɓa bango. Tseren gauraye kuma an ƙara masa sharaɗi guda: kowane kashi sai an kammala shi yadda ake kammala tseren wannan salon in shi kaɗai ake yi. A kwamin mita 25, mita 200 zuwa takwas ne, kowane salo zuwa biyu. Saboda haka bangon mita 50 ƙarshen batafilai ne, na mita 75 juyin rigingine, na mita 100 ƙarshen rigingine, na mita 150 ƙarshen iyon kwaɗo.

Abin da alƙali yake kallo a iyon rigingine shi ne kafaɗu. Ka ƙaddara yaron ya gicciya sanda a kan kafaɗunsa irin yadda makiyayi ke yi. In yana kwance rigingine sosai, sandar tana shimfiɗe a kan ruwa. Duk sa'ad da ya ja hannu jikinsa yakan karkata, bakin sandar ɗaya ya yi sama, ɗayan ya nutse, wannan kuwa ba laifi. An yarda ya karkata matuƙar sandar ba ta miƙe tsaye cak ba, wato bai kai digiri 90 ba. Da ta miƙe ta fara rinjaya ɗaya ɓangaren, yaron ya bar rigingine ya koma rub da ciki. Inda kansa ya kalla ba ya cikin lissafi, kafaɗun ne abin dubawa.

A bangon mita 75 an yi sassauci, sassaucin da ya shigo ƙa'ida a 1991. Kafin nan dole ne mai iyon rigingine ya taɓa bango da hannu yana kan bayansa a kowane juyi. Yanzu an yarda in ya kusa bango ya mirgina ya koma rub da ciki, nan take ya ja ruwa sau ɗaya, da hannu ɗaya ko da hannu biyu a tare, jan nan ya zarce da shi cikin adungure, ƙafafunsa su sauka a bango, ya tunkuɗa ya fita yana kan bayansa. Ba a buƙatar hannu ya taɓa komai, wani sashe na jiki kawai ake so ya taɓa, kuma ƙafafun sun wadatar. Ko a nan ɗin ma ana cire yara da yawa, kusan kullum a kan abu ɗaya. Yaro ya mirgina da wuri, ya ja hannun ya ƙare, ya ɗaga ido ya ga bango da sauran tazara. Sai ko dai ya tsaya yana sulalewa yana kaɗa ƙafa don ya ƙarasa, ko ya ƙara jan hannu na biyu. Duka biyun laifi ne, domin sassaucin na juyi ne kawai, ba a ba shi izinin yin iyo a kan cikinsa ko na taki ɗaya ba. Daga mirginawa zuwa adungure motsi ɗaya ake so a gani wanda bai yanke ba.

A bangon mita 100 wannan sassaucin babu shi sam. Ƙarshen rigingine ƙa'idarsa ita ce a taɓa bango ana kan baya. Bisa yadda ka bayyana, ɗanka ya zo bangon nan ya yi abin da jikinsa ya saba: ya mirgina rub da ciki, sannan ya taɓa, ko da hannu ko da ƙafa bayan adungure. Taɓawar ta faru, shi ya sa ka gan ta, amma ta zo bayan kafaɗun sun riga sun wuce tsaye. Alƙalin da ke tsaye a kan bangon yana leƙen layinsa daga sama abu biyu yake haɗawa a idonsa, lokacin da yatsu suka taɓa da inda kafaɗu suke a wannan lokacin. In kafaɗun sun riga yatsun, ko da ƙiftawar ido ne, zai rubuta. Ba ya tambayar ko yaron ya yi da gangan, ba ya kuma auna ko ya ci ribar daƙiƙa nawa. Ko da ya ba na biyu ratar rabin kwami, hukuncin ɗaya ne.

Kada yaron ya ɗauka wannan kuskuren 'yan koyo ne kaɗai. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Alex Walsh ta Amurka ta taɓa bango ta uku a wasan ƙarshe na mita 200 na gauraye, tagulla ta zo hannunta, sai aka cire ta a kan wannan juyin dai, daga rigingine zuwa kwaɗo. Manyan 'yan wasa suna yin wani juyi mai sauri a wurin, inda suke kwantawa a gefe su miƙa hannun sama ya tsallake fuska zuwa bango, su taɓa daidai lokacin da kafaɗu ke dab da miƙewa tsaye, sannan su wuntsila. Yana rage lokaci, amma tazarar da ke tsakanin halas da haram a cikinsa ba ta kai faɗin tafin hannu ba. A ganina bai kamata a koya wa ɗan shekara 14 shi ba sai ya ƙware a mai sauƙin tukuna.

Mai sauƙin shi ne wannan. Ya zo yana kan bayansa, ya miƙa hannu ɗaya ta bayan kansa har tafin ya dafa bango, ƙirjinsa yana kallon sama ko ya ɗan karkata kaɗan. Da ya dafa, kashin rigingine ya ƙare, daga nan yana da 'yancin juyawa yadda ya ga dama. Sai ya naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji, ya kawo ƙafafu bango, ya saki hannun ya nutse, ya tunkuɗa. Sharaɗin da ya rage shi ne lokacin da ƙafafunsa suka rabu da bango ya kasance ya koma ɓangaren cikinsa, domin kashin kwaɗo ya fara.

Abin da ke sa yara mirginawa da wuri, bayan sabo, shi ne tsoron buga kai. Mai iyon rigingine ba ya ganin inda ya dosa, sai zuciyarsa ta ce masa ya waiga. Maganin wannan tutocin nan ne da ake ratayawa a igiya a gicciye bisa ruwa, mita 5 daga kowane bango. Yaro ya ƙirga jan hannu nawa yake yi daga lokacin da tutoci suka wuce saman fuskarsa zuwa taɓa bango. Kowa da nasa adadin, gwargwadon tsawonsa da ƙarfin jansa. A ce nasa biyar ne. To a mita 100 zai yi biyar ɗin cif yana kan baya, na biyar ɗin shi ne miƙa hannu zuwa bango. A mita 75 kuwa zai rage ɗaya, ya mirgina a kan na huɗu ya shiga adungure. Sai dai a yi ƙirgar da saurin gasa, domin adadin da aka samu ana iyo a hankali ba zai yi daidai ba ranar da ake tsere, kuma a sake ta duk bayan 'yan watanni tunda yaro mai wannan shekarun tsawo yake ƙarawa. Yawancin kwamin otal da yara ke atisaye a ciki ba su da tutoci, wasu ma tsawonsu bai kai mita 25 ba. Igiya ɗaya da 'yan ƙyallaye masu launi sun isa: a auna mita 5 daga bango da tef, a ɗaure ta wajen mita 1.8 sama da ruwa. Yaron da bai taɓa atisaye da tutoci ba, ranar gasa ba zai san amfaninsu ba ko da suna rataye a kansa.

Tunda ya tsallake bangon mita 100 zai shiga salon da ya fi kowanne yawan sharuɗɗa, ya kamata ku san shi sosai, don in aka gyara juyin nan, a iyon kwaɗo ne haɗari na gaba yake. Bayan tunkuɗa bango yana ƙarƙashin ruwa, abin da aka ba shi ƙidayayye ne. Yana da jan hannu ɗaya dogo wanda zai kai hannuwan har cinyoyinsa. Yana da bugun dolfin guda ɗaya tak, wato ƙafafu a haɗe su kaɗa ƙasa sau ɗaya, a kowane lokaci kafin bugun kwaɗo na farko. Sai ya dawo da hannuwa gaba ya yi bugun kwaɗo, ya fara jan hannu na biyu. Kafin hannuwan su juyo ciki daga inda suka fi buɗewa a wannan ja na biyu, dole kansa ya ɓullo saman ruwa. Wanda ya nutse da zurfi yakan makara a nan, hannuwansa su juyo ciki a jan na biyu kansa bai fito ba.

Bugun dolfin ɗin nan yana da tarihi. Kafin 2005 haramun ne gaba ɗaya a iyon kwaɗo. Bayan ce-ce-ku-cen da ya biyo bayan nasarar Kosuke Kitajima na Japan a Athens a 2004, inda hoton ƙarƙashin ruwa ya sa aka zarge shi da yin sa, hukumar ta halatta guda ɗaya. Guda ɗayan kuma shi ne iyaka. Yara sukan yi na biyu ba tare da sun sani ba: ɗaya ƙarami da zarar sun bar bango, sannan babba lokacin jan hannu. A wurin alƙali biyu ne.

Da ya fito sama, tsarin shi ne jan hannu ɗaya, bugun ƙafa ɗaya, a haka a jere har bango, kuma a kowane zagaye wani sashe na kai ya fasa saman ruwa. Hannuwa biyu suna tafiya tare, ba sa wuce ƙugu in ban da dogon jan nan na bayan tashi da bayan juyi, gwiwar hannu kuma tana cikin ruwa sai a ja na ƙarshe kafin bango. Ƙafafu su ma tare suke tafiya, kuma a lokacin da suke tura ruwa dole tafin kowace ƙafa ya juya waje, yatsu suna kallon gefe. Nan ne yaran da suka koyi iyo da kansu a rafi ko a gefen kogin Kaduna suka fi shan wahala. Suna da ƙarfi da numfashi, ba sa tsoron ruwa, amma da yawansu sun saba da bugun almakashi, ƙafa ɗaya ta juya waje, ɗayar ta miƙe tana sara ruwa da bayanta. Gane shi ba wuya: ka tsaya a ƙarshen kwami yaron yana iyo yana nesanta da kai, ka dubi dugadugansa. In ɗaya ta fi ɗaya tasowa, ko ƙugunsa yana karkata gefe guda a kowane bugu, to almakashi ne. Gyaransa yana cin makonni, ana yin sa da allon riƙewa a hankali, wani lokaci a kwance rigingine don yaron ya ga gwiwoyinsa da idonsa. Akwai kuma wanda bugunsa daidai ne amma a ƙarshensa ƙafafun sukan taso su sake dukan ruwa ƙasa da ƙarfi. Tasowar ba laifi ba ce, ko sun fasa saman ruwa. Dukan da ya biyo baya shi ne bugun dolfin, kuma ana cirewa a kansa.

A bangon mita 125 da na 150 hannu biyu ake so, a lokaci ɗaya, a rabe. Ba dole su yi daidai da juna a tsawo ba, ɗaya zai iya zama sama da ruwa ɗaya a ƙasa, kuma in yatsu sun ɗan gogi juna ba komai. Abin da aka hana shi ne ɗora hannu a kan hannu, da taɓawa ɗaya bayan ɗaya. Laifin yakan zo ne daga gaggawa. Mai juyi da sauri yana janye hannu ɗaya da zarar ya taɓa don ya fara juyawa, to in ya ƙara gaggawa kaɗan sai hannun ya janye tun bai kai bango ba. Shi a ransa ya taɓa da biyu, alƙali kuwa ɗaya ya gani. Shi ya sa koci nagari yake sa yara su dafa bango da tafi biyu har a ji ƙara a kowane juyi na atisaye, ko a lokacin ɗumama jiki, domin abin da hannu ya saba a ranakun da ba kowa ke kallo shi zai yi ranar gasa in gajiya ta zo.

Batafilai daga iyon kwaɗo ya samo asali, sai a 1952 aka raba su, shi ya sa taɓa bangonsu iri ɗaya ne. Bambancin shi ne hannuwa biyu suna dawowa gaba tare ta saman ruwa, ƙafafu kuma suna kaɗawa sama da ƙasa tare, ba bugun kwaɗo, ba kuma ɗaya bayan ɗaya. Laifinsa na gajiya ne. Wajen mita 40 hannuwa sun yi nauyi, sai su fara dawowa ta cikin ruwa, ko yaro ya ga saura ɗan taki ya kai bango sai ya yi ɗan ƙaramin ja a ƙarƙashin ruwa ya miƙa. In tazarar ba ta kai ta cikakken ja ba, ya miƙe hannuwa ya ƙarasa da bugun ƙafa. Firistayil shi ne mai sauƙi, kowane sashe na jiki ya taɓa bango ya wadatar. Ko tsayawa a ƙasan kwami ba ya sa a cire mutum a firistayil, muddin bai taka ya yi tafiya ba, bai kuma ja igiyar layi ba. Sai dai a cikin gauraye, kashin firistayil ba a yin sa da ɗaya daga cikin salo ukun da suka gabata.

Salo ukun nan, batafilai da rigingine da firistayil, sun haɗu a kan iyakar nutso: bayan tashi da bayan kowane juyi, kai ya fito kafin ko daidai mita 15, kuma akwai alama a igiyar layi a wurin. An sa iyakar ne bayan da 'yan rigingine irin su David Berkoff da Daichi Suzuki suka riƙa cinye fiye da rabin zuwan farko a ƙarƙashin ruwa a Seoul a 1988, daga baya a 1998 aka faɗaɗa ta zuwa sauran biyun. A Paris a 2024 ta ci Luke Greenbank na Birtaniya, wanda ya zo na ɗaya a rukuninsa na mita 200 na rigingine. Yaran da ke matakin ɗanka ba kasafai numfashinsu ke kai su can ba, don haka ba ita ce abin damuwarku yanzu ba. Iyon kwaɗo ba shi da wannan iyaka ta mita, ƙidayar ja da bugun da na bayyana ita ce ke fito da shi.

Yaron da aka cire a wajen tashi kuma, ga yadda abin yake. Alƙalin wasa yana busa usur gajeru a jere don a shirya, sannan dogo ɗaya, kowa ya hau dakalin tashi. A rigingine dogon usur na farko na shiga ruwa ne, na biyu na kama wurin tashi. Daga nan sai ya miƙa su ga mai ba da tashi, shi kuma ya ce “Take your marks”. Kowa ya sunkuya nan take, aƙalla ƙafa ɗaya a bakin dakali, ya tsaya cak. Sai kowa ya daina motsi ake ba da ƙarar tashi. Wanda ya fara motsin tashi kafin ƙarar ya yi laifi, ko da ƙafarsa ba ta bar dakali ba. To ka ga ana iya cire wanda bai riga kowa shiga ruwa ba. Sau da yawa ma shi ne na ƙarshen shiga, domin ya zabura gaba, ya gane ƙarar ba ta zo ba, ya ja baya, ƙarar ta same shi yana gyara tsayuwa. In ƙarar ta riga ta fita ba a dawo da tseren, ana bari a gama sannan a sanar da shi, shi ya sa iyaye ke ganin kamar hukuncin daga sama ya faɗo. Dama ta biyu babu. A Sydney a 2000, Karim Bare na Jamhuriyar Nijar da wani ɗan Tajikistan sun faɗa ruwa kafin ƙara a rukuninsu na mita 100, aka cire su, Eric Moussambani na Equatorial Guinea ya yi tseren shi kaɗai. Ian Thorpe ma, yana riƙe da tarihin duniya na mita 400, ya zame daga dakali a gasar zaɓen 'yan wasan Ostareliya a 2004 aka cire shi.

Dalilan motsin nan sanannu ne. Na farko cinke: yaro yana ƙoƙarin ya hasashi lokacin ƙarar maimakon ya jira ya ji ta, alhali mai ba da tashi ba ya bin ƙidaya ɗaya, yana jira ne kowa ya natsu. Na biyu tsayuwa mara kyau, ya zuba nauyinsa duka a kan yatsun ƙafa har ya rinjaya, in aka ɗan jinkirta sai ya tafi. Na uku ƙarar da ba ta tashi ba, kamar ihun 'yan kallo ko tafi ko usur daga wani gefe, don haka shirun da ake roƙo a lokacin tashi haƙƙin yaran ne a kan iyaye. A nan Kaduna akwai na huɗu in gasa ta faɗo cikin hunturu: yaro ya fito daga ɗumama jiki a jiƙe, ya tsaya cikin iska yana jiran a kira shi, ya hau dakali yana karkarwa. Rawar sanyi ba motsin tashi ba ce, amma mai karkarwa ba ya iya riƙe tsayuwarsa. A ba shi tawul da riga mai kauri da takalmi, kada ya cire sai an busa gajerun usur. A tseren karɓa-karɓa kuwa ƙa'idar ta bambanta, mai jiran karɓa yana iya kaɗa hannu ya fara motsi, abin da ake so kawai ƙafarsa ta kasance tana taɓa dakali har abokinsa ya taɓa bango.

Game da hukuncin kansa, alƙalin bango ba shi ne ke cire ɗan wasa ba. Yana rubuta tseren da lambar layi da laifin da ya gani, ya miƙa, alƙalin wasa ne ke yanke hukunci. A laifin tashi ana so mai ba da tashi da alƙalin wasa su biyun su tabbatar. Abin da ake koya wa alƙalai shi ne su rubuta abin da suka gani kawai, in suna shakka ɗan wasa ne ke cin moriyar shakkar. Saboda haka in irin wannan ta sake faruwa, kocin ya je wurin alƙalin wasa cikin ladabi ya nemi a faɗa masa ainihin abin da aka rubuta, a wane bango, kuma wane sashe na ƙa'ida. “Juyi ba daidai ba” bai isa bayani ba, domin mirginawa kafin taɓawa daban, barin bango a rigingine daban, kowanne da irin gyaransa. A ƙa'idar hukumar, ƙorafi a rubuce ake yin sa, jagoran tawaga ne ke miƙa shi cikin minti 30 da gama tseren, tare da kuɗin ajiya. Ana yin sa ne in an yi kuskure wajen aiki da ƙa'ida ko wajen rubuta laifin, ba a karɓar ƙorafin da ke cewa alƙali bai ga abin da ya ce ya gani ba. Aaron Peirsol na Amurka an cire shi a kan juyi bayan ya ci mita 200 na rigingine a Athens, aka mayar masa da zinarensa a ranar saboda rahoton alƙalin bai bayyana laifin yadda ya kamata ba. Ƙananan gasa sukan sa nasu sharuɗɗan ƙorafi a takardar gayyata, kocin ya karanta ta tun kafin ranar.

Hoton bidiyo na waya da ka ɗauka daga wurin zama da wuya ya sauya hukunci, amma yana da amfani a atisaye. Ka tsaya a kan bangon daidai saman layinsa, inda alƙali ke tsayawa, ka ɗauki zuwansa daga tutoci har ya dafa, ku mayar da shi a hankali ku tsayar a daidai inda yatsu suka taɓa. In kana ganin ƙirjinsa a hoton, ya tsira. In bayansa ka fara gani, a sake. Ya riƙa jera juyin biyu a zuwa ɗaya, wato ya yi rigingine mita 50 da adungure a tsakiya, ya ƙare da dafa bango a kan baya, ya zarce da dogon jan kwaɗo, har jikinsa ya rarrabe bangon farko da na biyu ba sai ya tsaya tunani ba. Ya kuma yi shi a ƙarshen atisaye lokacin da ya gaji, bayan mita 50 na batafilai, tunda a haka zai iso bangon ranar gasa.